Maus mai DPI 1000 ko mai 7200: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ƙanena yana da ɗan shagon buga takardu, yana kuma haɗawa da zanen katin aure da fastoci a CorelDRAW. Kwanakin baya maus ɗinsa ya fara rashin ji, a danna sau ɗaya ya danna sau biyu, sai ya tafi kasuwa sayen wani. Da yamma ya dawo hannu wofi. Mai shagon ya jera masa guda uku ne a kan kanta ya bar shi da ruɗani. Na farko baƙi ne mai waya, ba ado ba kwalliya, an rubuta 1000 DPI a bayan kwalinsa da ƙananan haruffa, wato lambar da ke nuna yawan tafiyar kibiya a allo in an ja maus. Na biyu yana walƙiya da fitilu kala-kala, sunan kamfanin ba wanda ya taɓa jin sa, amma an rubuta 7200 DPI ɓaro-ɓaro a gaban kwali, kuma kuɗinsa bai fi na farko da wani abin kirki ba. Na uku na sanannen kamfani ne, irin na masu wasan kwamfuta, yana kaiwa 8000, kuɗinsa kuwa ya ninka na farko sau da yawa.

Tambayar da ya zo mini da ita ita ce: "Yaya, tun da 7200 ya fi 1000 sau bakwai, kuɗin kuma kusan ɗaya, me zai hana in ɗauki na biyu?"

Na ce masa kafin mu yi maganar lamba ya faɗa mini abu uku: faɗin allon kwamfutarsa, irin teburin da yake ɗora maus a kai, da kuma yadda yake motsa hannunsa in yana aiki. Waɗannan ukun su ke yanke hukunci. Amma dalilin haka ba zai fito ba sai an juya maus ɗin an leƙa cikinsa.

Abin da ke faruwa a cikin ɗan ramin nan

In ka kifar da maus za ka ga wani ɗan rami, galibi da jan haske a ciki. Abu biyu ne a wurin: ƙwan fitila na LED, da wata mitsitsiyar kyamara da ke kallon ƙasa. Fitilar ba ta haska tebur kai tsaye daga sama, a karkace take haskawa, kuma da gangan aka yi haka. Duk wanda ya taɓa tafiya a kan yashi da hantsi ko da la'asar sakaliya ya san yadda kowane sawu da kowane ɗan tudu ke fitowa da inuwarsa, alhali da tsakar rana filin duk ya zama fari fat. Teburin da kake gani sumul, a idon wannan kyamara cike yake da tuddai da kwari: zaren takarda, saƙar yadi, jijiyar katako. Hasken da ya zo a karkace shi ke ba su inuwa har kyamarar ta bambance su.

Kyamarar kanta abin dariya ce in an gwada ta da ta waya. Wani tsohon ido da aka daɗe ana sa wa maus na ofis, ADNS-2610 na kamfanin Agilent, hoton da yake ɗauka ɗigo 18 ne a tsaye, 18 a kwance, baƙi da fari, kuma filin da yake gani a tebur bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙarfinsa a sauri yake, don yana ɗaukar hoto 1,500 a daƙiƙa guda. Yana ɗaukar hoto, sai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke manne da kyamarar ta ɗora shi a kan wanda ya gabace shi, ta riƙa gusa shi hagu, dama, sama, ƙasa, har ta sami inda tabo da inuwar hotunan biyu suka fi dacewa. In tabon ya koma ɗigo biyu zuwa hagu a sabon hoton, to maus ya tafi ɗigo biyu zuwa dama. Wannan adadin, nawa a kwance nawa a tsaye, shi kaɗai ake aika wa kwamfuta. Maus bai san inda yake a kan tebur ba, bai kuma san inda kibiya take a allo ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne: "Daga ɗazu zuwa yanzu na gusa kaza."

Daga nan iyakoki biyu suka fito, kuma kusan duk matsalar da mutane ke fama da ita da maus ɗaya ce daga cikinsu. Na ɗaya, dole a sami abin gani. In filin ba shi da tabo ko kaɗan, hoton yanzu da na ɗazu duk ɗaya ne, sai maus ya ɗauka bai motsa ba. Na biyu, dole hotunan biyu su haɗa wani yanki na tebur. In ka fizgi hannu har hoto na biyu ya faɗa wani wuri dabam da na farko, babu abin gwadawa, sai ido ya ɓace. Shi wancan tsohon ido iyakarsa inci 12 ne a daƙiƙa, wato kimanin santimita 30. In ka raba wannan da hotuna 1,500, za ka ga tsakanin hoto da hoto bai yarda a gusa fiye da ɗigo uku da ɗan ɗori ba cikin 18 ɗin nan. Idanun zamani irin su PMW3360 na kamfanin PixArt da ke Taiwan suna kai hoto 12,000 a daƙiƙa, suna kuma bin hannu har inci 250 a daƙiƙa, gudun da da wuya hannun ɗan Adam a kan tebur ya kai.

Wannan dabara ba ta daɗe ƙwarai a hannun jama'a ba. Tun farkon shekarun 1980 akwai maus mai aiki da haske, amma irin wanda Steve Kirsch ya ƙirƙiro sai an ɗora shi a kan faranti na musamman mai layuka, yana ƙirga layukan da ya tsallaka. Mai aiki a kan kusan kowane tebur ya bazu ne daga 1999, lokacin da Microsoft ta fito da IntelliMouse Explorer. Waɗanda suka yi zamani da maus mai ƙwallo a ciki, wanda sai an buɗe an kankare dattin da ya naɗe a sandunansa da farce, sun san irin hutun da aka samu.

DPI kamar giyar keke ne

Haruffan DPI daga harkar ɗab'i aka aro su, ma'anarsu ɗigo nawa a kowane inci. Maus ba ya buga ɗigo, ƙirge yake yi, shi ya sa masu ƙera idanun ke rubuta CPI a takardunsu, wato ƙirge nawa a inci. Abu ɗaya ake nufi. Maus mai 1000 in ka ja shi inci ɗaya, santimita 2.54, zai gaya wa kwamfuta cewa ya yi taku dubu. Mai 400 zai ce taku ɗari huɗu a wannan nisan. A Windows, in saurin kibiya yana tsakiya kuma an kashe wani saiti da zan zo kansa, kowane taku ɗaya ɗigo ɗaya ne a allo.

To lissafin ya zama mai sauƙi:

```
cm = (pixels / DPI) * 2.54
```

Allon ƙanena mai faɗin ɗigo 1920 ne. Da maus mai 1000, ƙetare shi daga wannan gefe zuwa wancan tafiyar santimita 4.9 ce, kusan tsawon kwalin ashana. Da mai 400 sai ya ja santimita 12, wato dole ya motsa dantse ko ya riƙa ɗaga maus yana sake ajiyewa. Da 1600, santimita uku. Da 7200 da yake kwaɗayi, ƙasa da milimita bakwai: kafin ya ankara kibiya ta bar wannan kusurwa ta buga waccan.

Nan ne na kawo masa misalin keke. Babbar giya tana sa taka feda ɗaya ya kai ka nesa, amma ba ta mayar da keken ya fi inganci, kuma ba wanda zai so ta a cikin lungun kasuwa. Aikin ƙanena lungun kasuwa ne. Yana kama gefen harafi ya ja shi kaɗan, yana daidaita hoton amarya da firam, yana zaɓar ƙulli ɗaya a cikin layin da ya lanƙwasa. Kaurin gashin kai ɗaya wajen kashi bakwai cikin ɗari na milimita ne. A 1000, motsi daidai kaurin gashi yana gusa kibiya ƙasa da ɗigo uku. A 7200 zai gusa ta kusan ɗigo ashirin. Rawar da yatsa ke yi lokacin danna maɓalli kaɗai ta isa ta kauce da kai daga abin da ka nufa.

Akwai wanda yake buƙatar fiye da 1000 da gaske, kuma ana gane shi ta faɗin allo. Mai allon 4K, wanda faɗinsa ɗigo 3840 ne, da maus mai 1000 zai ja kusan santimita goma kafin ya ƙetare, da 1600 kuma santimita shida. Haka mai allo biyu ko uku a jere. Ga irin waɗannan 1600 zuwa 2400 yana rage gajiyar hannu. Shi kuwa mai laftof ɗin da ta fi yawa a shagunanmu da hannun ɗalibai, mai faɗin 1366, ko 800 ta ishe shi, don santimita huɗu da 'yan kai ne tafiyar. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙwararrun 'yan wasan harbi irin Counter-Strike, waɗanda don su ake ƙera maus masu 25,000 da sama, da yawansu a 400 ko 800 ko 1600 suke ajiye nasu, su shimfiɗa faffaɗar tabarmar maus su yi aiki da dantse gaba ɗaya.

Wani zai ce, ai in maus ya yi jinkiri sai in ƙara masa sauri a Windows, in ya yi sauri in rage. Haka ne, amma ƙari da ragi ba ɗaya ba ne. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta `main.cpl`, ka shiga `Pointer Options`. Sandar saurin tana da matakai 11, na shida shi ne taku ɗaya ɗigo ɗaya. (A sabon shafin `Settings` sandar tana da matakai 20, na goma shi ne daidai da wannan.) In ka kai mataki na takwas cikin 11, Windows tana ninka kowane taku biyu, kibiya ta riƙa tsallake ɗigo ɗaya duk taku, akwai wuraren da ba za ta taɓa sauka a kai ba. In kuwa ka sauko mataki na huɗu, taku biyu ne ke zama ɗigo ɗaya, ba abin da aka tsallake. Saboda haka maus da ya ɗan fi buƙatarka za a iya rage shi ba asara, wanda ya gaza kuwa ƙara shi yana kawo tsalle. Wannan ita ce hujja ta gaskiya guda ɗaya ta neman ɗan rara, amma rarar ninki biyu ce, ba ninki bakwai ba.

A ƙasan sandar akwai akwatin `Enhance pointer precision`, wanda Windows ke zuwa da shi a kunne. Sunansa na yaudara. Abin da yake yi shi ne sauya giya da kansa: in ka ja a hankali kibiya ta tafi kaɗan, in ka fizga ta tafi nesa, ko da nisan da hannu ya yi ɗaya ne. Ga mai aikin ofis da maus mai 800 ko 1000 a ɗan ƙaramin tebur, wannan taimako ne, ni ban ga dalilin kashe shi ba. Ga ɗan wasa da ke son hannunsa ya haddace nisa, cikas ne. Kuma duk gwajin da za ka yi wa maus, sai ka kashe shi tukuna, in ba haka ba lissafi ba zai fito ba.

Gwajin da muka yi wa mai fitilu

Maƙwabcin shagon ƙanena ya riga ya sayi irin na biyun, sai muka aro shi na rabin awa. Muka sa sanda a mataki na shida, muka cire alamar akwatin can, muka danna maɓallin da ke bayan maus ɗin har ya kai giyarsa ta ƙarshe. Muka kwantar da rula a kan farar takarda, muka kai kibiya ƙarshen hagu na allo, muka yi alama da biro a gefen maus, sannan muka ja shi a jikin rular a hankali har kibiya ta taɓa ƙarshen dama. Da 7200 ne da gaske, da bai kai milimita bakwai ba. Santimita biyu muka samu, sau uku muna maimaitawa. In ka juya lissafin, 1920 a raba da inci 0.79, kimanin 2400 ke nan. Lambar kwali ta ninka gaskiya sau uku.

Ko 2400 ɗin ma akwai magana. Rula tana kama ƙaryar kwali, amma ba ta kama wata dabara da ake yi a cikin maus masu arha, inda idon ke ƙirga 800 ko 1200 sannan a ninka adadin kafin a aika. Wannan sai a Paint. Muka ɗauki fensir mafi siriri, muka ja layi a karkace sannu a hankali, sannan muka ƙara girman hoton muka duba. A giya ta farko layin ya fito da ƙananan matakala masu ɗigo ɗaiɗai, yadda ya kamata. A giya ta ƙarshe matakalan sun zama manya, bibbiyu, kamar an hau bene ana tsallake mataki. Wato daidai da abin da sandar Windows za ta yi maka kyauta a mataki na takwas.

A nan ya kamata a yi adalci, don manyan kamfanoni ma ba ɗigon kyamara na zahiri suke ƙirgawa har su kai 25,000 ba. Ba kyamarar maus da ke da irin wannan yawan. Abin da idanu masu kyau ke yi shi ne auna yadda haske ya ɗan zuba daga wannan ɗigo zuwa maƙwabcinsa, su ƙiyasta cewa an gusa rubu'in ɗigo ko ƙasa da haka. Wannan awo ne na gaske, ya bambanta da ninka lamba kawai. Sai dai shi ma yana da iyaka, domin in an yanka ɗigo ƙanana ƙwarai, hayaniyar da ke cikin hoton kanta ta fara kama da motsi. Kibiya ta soma ɓari, sai a sa mata lissafin lallashi da ke haɗa hotuna da yawa a fitar da matsakaici, wanda shi kuma ke jawo ɗan jinkiri. Shi ya sa ko maus mai tsada ya fi natsuwa a ƙananan giyoyinsa.

Gwaji na uku shi ya kashe maganar. Na ce wa ƙanena ya fizgi maus ɗin da ƙarfi daga hagu zuwa dama. Maimakon kibiya ta bi, sai ta tsaya cak, wani lokacin ta zame ƙasa. Idon ya ɓace ke nan, kamar yadda na bayyana a sama. Akwai kuma wata matsalar da ke ƙara ta'azzara abin a wasu maus masu arha: saƙo 125 suke aikawa a daƙiƙa, kuma kowane saƙo ba ya ɗaukar fiye da taku 127. Jimla taku 15,875 a daƙiƙa. A 800 wannan ya kai rabin mita a daƙiƙa, ba laifi. A 2400 kuwa santimita 17 kacal ne, abin da ya wuce haka ba ya isa yadda aka yi shi. Ka ga ɗaga giya a irin wannan maus rage masa ƙarfin bin hannu yake yi.

Teburi, wanda ba a rubuta shi a kwali

Teburin ƙanena irin wanda aka saba gani ne a ofisoshi da shaguna: katako, an ɗora gilashi a sama, an cusa katunan kwastomomi da hotuna a ƙarƙashi. Tsohon maus ɗinsa ma a kan wata tsohuwar jarida da ya ninke yake zama. Dalili shi ne kyamarar an saita ta ga abin da ke milimita biyu zuwa uku a ƙarƙashinta. Saman gilashi ba shi da tudu ba shi da kwari, haske wucewa yake yi, katunan da ke ƙasa kuma sun yi nisa, dishi-dishi take ganinsu. Wannan gajeren gani shi ne kuma ya sa in ka ɗaga maus ka mayar da shi baya kibiya ba ta biyo ka, wanda alheri ne.

Madubi, tayil mai sheƙi da teburin da aka shafa wa fenti mai ƙyalli duk suna ba jan haske wahala, don suna mayar da hasken gefe guda maimakon su watsa shi. Abu mai zane iri ɗaya da ke maimaita kansa shi ma yana rikita lissafi, tun da wurare da yawa sun yi kama da juna. Gado da darduma mai dogon gashi matsalarsu tazara ce, maus na nutsewa yana tasowa. Farar takarda marar sheƙi, katako marar fenti, da tabarmar maus ta yadi, su ne abincinsa.

Saboda wannan ne aka kawo maus mai lesa, wanda Logitech ta bazu da shi a 2004 da samfurin MX1000. Tsarin duk ɗaya ne, kyamara da gwada hotuna, fitilar kawai aka sauya. Hasken lesa yana fito da bambanci a filin da LED ke gani sumul, don haka yana aiki a kan abubuwa masu sheƙi da yawa. Aibinsa ya fito ne a kan yadi, inda yake ganin kowane zare har ya wuce kima, sai nisan da kibiya ke yi ya ɗan bambanta tsakanin jan hankali da jan sauri. Mai aikin ofis ba zai lura ba, 'yan wasa kuwa sun lura, shi ya sa manyan maus na wasa suka koma LED, galibi mai hasken da ido ba ya gani. Saboda haka in ka kifar da sabon maus ba ka ga ja ba, kada ka ce ya mutu. Gilashi tsantsa ko lesa na yau da kullum ba ya iya masa. Sai irin fasahar Darkfield da Logitech ta fitar a 2009, wadda ke bin ƙananan ƙarce da ƙurar da ke kan gilashin, kuma kamfanin ya ce kaurin gilashin ya kai milimita huɗu. Tana cikin samfura irin MX Master da MX Anywhere, masu tsada. Ra'ayina, sayen irin wannan don gilashi kawai, ga mutumin da teburinsa ɗaya ne ba ya yawo, kashe kuɗi ne a kan abin da tabarmar maus za ta magance.

Sai ƙura. Da hunturu, in kibiya ta fara rawa ita kaɗai ko tana maƙalewa, kafin ka zargi maus ka kifar da shi ka duba ramin. Zare ɗaya ko gashi da ya gitta gaban kyamarar yana fitowa a kowane hoto a wuri ɗaya, yana gaya wa lissafi cewa ba a motsa ba alhali sauran hoton na cewa an motsa. Hura iska da goga auduga busasshiya ya dawo da maus da yawa da aka yi niyyar jefarwa.

Na farko da na uku

Da na biyu ya fita, saura baƙin nan mai 1000 da mai tsadar. Abin da kuɗin na uku ke saya ba 8000 ɗin ba ne. Yana sayen ido da ba ya ɓacewa in an fizga, da saƙo 1000 a daƙiƙa maimakon 125, wato jiran milisakan ɗaya maimakon takwas, da damar saita giya daidai yadda kake so, ka ce 1200 ko 1450, ka kuma sa maɓallin da zai sauke ta in za ka yi aiki mai laushi. Ga mai wasan harbi, ko mai allo da ke sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, waɗannan abubuwa ne da ake ji a hannu. A allon ofis mai sabuntawa sau 60, inda kowane hoto ke ɗaukar kusan milisakan 17, bambancin 125 da 1000 ɗan santsi ne da ba kowa ke lura da shi ba, kuma ba ya ƙara saurin buga takarda ko cike fom.

Na farko kuwa giyarsa ɗaya ce, amma ta gaskiya ce. Sanannun maus na ofis irin Logitech M90 mai waya da M185 marar waya duk a 1000 suke, kuma ba don rowa aka tsayar da su a nan ba, adadin ne ya dace da allon da yawancin mutane ke da shi. Rauninsa biyu: ba ya son fizga mai tsanani, kuma in ka koma allon 4K zai zama gajere, sai ka ƙara da sandar Windows ka haƙura da tsalle. Ƙanena ba ya fizga. Na zauna na kalle shi yana aiki, wuyan hannunsa a kafe yake a tebur, yatsu kawai ke yawo a fili da bai fi tafin hannu ba. Da ɗan wasa ne, ko da yana shirin sayen babban allo a bana, da na ce ya daure ya ɗauki na uku ya ajiye shi a 1600.

Washegari ya koma ya sayi na farko, ya haɗa da tabarmar maus ta yadi baƙa marar zane, ya kuma riƙe shi a hannu tukuna ya tabbatar bai yi masa ƙanƙanta ba, don yini yake yi a kansa. Da ya dawo muka yi masa gwajin rula: ɗan ƙasa da santimita biyar. Jaridar nan kuma ya naɗe ta ya kai wa mai ƙosai.